Filanin gardi a sarbis ɗin yara: yadda mutum 13 suka zama 9 in dare ya yi

Sarbis ɗin da zan yi magana kansa na yara ne a wani asibiti nan cikin Maradi, ba zan kama suna ba, gado 36 ne a ƙa'ida amma duk wanda ya san watan Satumba a garin ga ya san gado 36 magana ce kawai, in zazzaɓin cizon sauro ya taso yara bibbiyu ake kwantarwa kan gado ɗaya wani lokaci har da tabarma a baranda. Infirmiye 13 ne a rubuce ban da manjo, wato shugabar infirmiyen sarbis ɗin. Aiki kashi uku ne, safe daga ƙarfe 8 zuwa 2, marece daga 2 zuwa 8, sai gardin dare daga 8 na dare zuwa 8 na safe, awa 12 cur. Ni ina cikin waɗanda suka zauna da manjo aka sake filanin, wato takardar rabon aiki ta wata, shi ya sa na san lissafin ciki da waje.

Abin da ya tada maganar wani dare ne da aka wayi gari mutum ɗaya ta yi gardi ita kaɗai. Su biyu ne a takardar da ke manne a bango, amma abokiyar gardinta ta yi musanya da wani ta baki a bakin ƙofa, shi ya ɗauka daren Alhamis ake nufi ita kuma Laraba take nufi, to Laraba ba wanda ya zo. Yarinya sabuwa ce ba ta cika shekara da fara aiki ba, ta yi ta kira waya a kashe, ta haƙura ta riƙe ɗakin. Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba, amma da safe da aka buɗe takardun magani sai aka ga allurar artesunate ta yara da dama wadda ya kamata a yi ƙarfe 2 na dare sai wajen 6 aka yi ta, alhali ita allurar ga ana yinta farkon zuwa, a sake bayan awa 12, a sake a awa 24, ba a so a ja lokacin. Ga yaro ɗaya da ake ƙara ma jini, wanda ya kamata a ce akwai mai tsayawa kansa a mintinan farko yana duba zafin jiki da numfashi, ita ce dai ke kai da kawowa tsakaninsa da wani mai jijjiga a can ƙarshen ɗaki. Layin da ake rubuta zafin jiki daga ƙarfe 1 zuwa 5 fari fat, ba ko ɗigon bik.

Da aka yi taro kowa ya fito da abin da ke ransa, kuma kusan duk magana ɗaya ce, manjo na son kai, akwai 'yan lelenta da ba su gardi. Ita kuma ta ɗauko takardar bango ta ce ku duba da idonku, kowa gardi bakwai ko takwas gare shi, ina son kan? A takarda kam gaskiyarta. Shi ya sa abu na farko da muka yi shi ne muka ajiye takardar bango gefe muka ɗauko kayen gardi, wanda mai sauka ke rubuta rahoton dare ya sa hannu, muka bi dare 30 ɗaya bayan ɗaya muna ƙirga wa ya sa hannu da gaske. Dare 30 mutum bibbiyu ya kama gurbi 60. Ga yadda suka rabu tsakanin mutum tara: 10, 9, 8, 7, 7, 6, 5, 4, 4. Mai goma da mai tara duk sabbin ɗauka ne 'yan kwantiragi, masu hurhuɗun kuma tsofaffin hannu.

To mi ya sa tara ba 13 ba? Nan ne inda kowa ke ruɗewa har da manyan ofis da ke cewa ai kuna da ma'aikata isassu. Cikin 13 ɗaya tana hutun haihuwa, sati 14 ne a doka. Ɗaya yana konje, kuma wanga ba abin wata ɗaya ba ne, tunda kowa na da hutun wata guda a shekara to kusan kullum akwai wanda ba shi nan, kujerar ce ke canza mai zama kawai. Saura 11. Cikin 11 biyu ba su gardin dare, ɗaya dattijuwa mai hawan jini da ciwon suga da takardar lokotoro a hannu, ɗaya kuma ciki ya tsufa. Saura tara. In ka raba 60 da 13 za ka ce ai gardi bai kai biyar ba kowane mutum, in ka raba da tara sai ka ga kusan bakwai ne ko da an yi adalcin da ya fi kowane.

Mun kuma yi lissafin awoyi don mu san ko matsalar ƙarancin mutane ce gaba ɗaya. Sai da aka fara tsaida mafi ƙarancin hannun da ɗaki ba zai sauka ƙasa da shi ba: uku da safe daga Litinin zuwa Juma'a sabili da bizit ɗin lokotoro da ɗibar jini zuwa labo da sallamar marasa lafiya, biyu da safe Asabar da Lahadi, biyu da marece, biyu da dare. 'Yan sitaj da masu aikin sa kai ba a ƙirga su cikin wanga adadi ko da sun fi goma a ɗakin, don ba su ke sa hannu ba in abu ya ɓaci. Ranar aiki ta kama awa 54, ranar ƙarshen sati 48, sati guda awa 366. Dokar aiki ta Nijar ta 2012 awa 40 ta ce a sati, to 366 a raba da 40 bai kai mutum goma ba, mu kuma muna da 11 a ƙasa. Kenan awoyi sun isa har da rara. Abin da bai isa ba hannun dare ne, don cikin 366 ɗin nan 168 duk na dare ne, kusan rabi, kuma mutum tara kaɗai ke ɗaukarsu.

Tsohon tsarin rukuni huɗu ne, yau safe, gobe marece, jibi dare, gata saukar gardi, sai a sake komawa safe. An daɗe ana yinsa a wurare da yawa kuma yana da sauƙin haddacewa, amma duba shi da kyau ba ranar hutu a ciki ko ɗaya. Ranar saukar gardi ita ake kira hutu, alhali mutum ya sauka ƙarfe 8 na safe in an yi sa'a, galibi sai 9 kafin a gama miƙa aiki, ya hau kabu-kabu ko adaidaita zuwa Zariya ko Ali Ɗan Sofo, akwai ma wanda Tibiri yake kwana, in mace ce ga girki ga wankin yara na jiranta, barcin rana cikin zafin Afrilu kuma in wuta ta ɗauke kowa ya san yadda yake. Washegari ƙarfe 8 tana bakin aiki. Awa 24 ce a agogo, daidai mafi ƙarancin hutun sati da doka ta sa, amma rabinta biyan bashin barci ne. Kuma awa 24 ta aiki cikin kwana huɗu ta kama awa 42 a sati, an ma wuce 40, wata da watanni a haka. Shawarar da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta fitar kan ma'aikatan jinya a 1977 ta ce hutun sati kada ya gaza awa 36 a jere, tsakanin aiki da aiki kuma a bar awa 12 aƙalla. Da waɗannan biyun muka auna komi daga baya.

Rashin daidaiton kuma daga wuri biyu ya fito. Mutum tara cikin rukuni huɗu dole ɗaya ya zama mai mutum uku, to su ukun nan a takarda duk suna gardi, amma a tsakaninsu sun shirya ɗaya na kwana gida bi da bi, sai ya zama suna yin biyar-biyar sauran na yin bakwai da takwas. Sai musanya ta baki ta ƙarasa sauran. Babba ta ce ma ƙarama "ɗiyata riƙe mini daren gobe ina da biki", ƙarama ba ta iya cewa a'a, wani lokaci a ba ta jika ɗaya ko biyu na kabu-kabu wani lokaci sai godiya, kuma ba a taɓa maida mata daren. Manjo ba ta zaɓi kowa ba, amma ba ta hana ba, ni a ganina wanga ma laifi ne ko da ba shi aka tuhume ta da shi ba.

Sabon tsarin rukuni biyar ne mutum bibbiyu, zagayen kwana biyar. A takarda muna amfani da harufan da aka saba, M safe, S marece, N dare, D saukar gardi, R hutu cikakke. A zuwa E da ke gefe rukunai ne, lambobin sama kuma kwanaki.

```
    1 2 3 4 5 6 7 8 9 10
A   N D R M S N D R M S
B   S N D R M S N D R M
C   M S N D R M S N D R
D   R M S N D R M S N D
E   D R M S N D R M S N
```

Duba kowace rana daga sama zuwa ƙasa za ka ga M ɗaya S ɗaya N ɗaya, kenan biyu-biyu sun samu ba tare da an yi wani dabara ba, na ukun safe kuma daga cikin su biyun da ba su dare yake fitowa. Duba layin mutum ɗaya kuma, ya tashi safe ƙarfe 2 sai gobe ƙarfe 2 zai dawo, ya tashi marece ƙarfe 8 sai gobe 8 na dare, ya sauka gardi ƙarfe 8 na safe sai bayan awa 48 za a sake ganinsa. Aikin gaba yake matsawa kullum, safe zuwa marece zuwa dare, jiki ya fi jure wanga da a juya shi baya inda mutum zai tashi 8 na dare ya dawo da sassafe. Gardi shida ne cikin kwana 30, awoyi kuma kusan 34 a sati, ƙasa da 40, wanga rarar ita muka kashe wajen toshe gurbi.

Abu biyu game da zagayen da mutane ba su lura da su. Na farko tunda biyar da bakwai ba su raba juna, cikin kwana 35 kowane rukuni zai yi daren Asabar sau ɗaya, daren Juma'a sau ɗaya, hutunsa ya faɗo Lahadi sau ɗaya, kamar adashi ne kowa da ranar kwasarsa, ba mai cewa ni kullum ake ba ƙarshen sati. Na biyu, in wata ya ƙare ba a komawa farko. In da duk 1 ga wata za a fara da rukunin A, to wata mai kwana 31 sai A ya yi daren 31 ya kuma yi daren 1, a shekara abin ya taru. Yanzu inda zagaye ya tsaya nan sabon wata ke ɗauka.

To amma rukuni biyar mutum goma yake so mu kuma tara gare mu, nan ne aka fi daɗewa ana gardama. A ce wanda ke konje ɗan rukunin E ne. Safensa da marecensa ba wuya, masu aikin rana su biyu za su riƙe. Darensa ne matsala, dare shida a wata ba mai shi. Shawarar farko da aka kawo ita ce wanda ya yi gardi daren jiya ya ƙara, wato ɗan rukunin D ya yi dare biyu a jere, amma in ka bi layinsa sai ka ga ya sauka ranar hutunsa ya koma safe washegari, mun koma gidan jiya kenan. Wanda ke hutu ranar ma ba zai yiwu ba tunda safe na jiransa da ƙarfe 8.

Hanya biyu suka fita lafiya. Ta ɗaya, ranar 5 da E ke dare rukunin A ke marece, to ɗan A ɗaya ba zai zo marece ba sai ya zo dare, ya kuma yi nasa daren ranar 6, sannan ya samu saukarsa da hutunsa awa 48 ba a taɓa ba. Dare biyu a jere ne da awa 12 tsakani, yana da nauyi amma ana iyawa in hutu na biye. Ta biyu, ranar 5 ɗin dai rukunin B ke safe, to ɗan B ɗaya zai bar safen ya zo dare, ya sauka ranar 6 da safe ba zai yi marecensa ba, sai ranar 7 ƙarfe 8 na dare ya zo nasa gardin, awa 36 kenan tsakani. Awoyinsa ba su ƙaru ba ma, safe da marece ne suka koma dare ɗaya. Da aka haɗa hanyoyin biyu sai dare shidan nan ya rabu kan mutum huɗu, biyu su ɗauki bibbiyu biyu su ɗauki ɗai-ɗai. Ƙarshen wata ƙirga ya zama 8, 8, 7, 7, 6, 6, 6, 6, 6, jimla 60 ɗin dai. Wata mai zuwa mai konje daga wani rukuni zai fito, sai nauyin ya koma kan wasu huɗu, shi ya sa jerin konje na shekara da filanin gardi dole a rubuta su tare, kada mutum biyu na rukuni ɗaya su tafi a jere.

Wa ke biyan kuɗin wanga gyara? Su biyun nan masu aikin rana. Mun ƙirga musu, safe na uku sau biyar a sati, safe da marecen mai konje kusan sau uku, sai waɗanda aka cire ma 'yan A da B kusan sau biyu, ya kama aiki goma a sati, biyar-biyar kenan na awa shida. Ya shiga, amma sai sun yarda da marece da wani lokaci Asabar ko Lahadi, da can kuwa safe kawai suke yi Litinin zuwa Juma'a su tafi. Dattijuwar ta ɗan yi ƙorafi, manjo ta ce mata "Yaya, yaran ga sun ɗauke miki dare, ki ɗauke musu marece", ta yi dariya ta ce to Allah ya ba mu lafiya. Haka aka wuce wurin.

Akwai wani abu da lamba kaɗai ba ta nunawa. Mutum biyu a dare ba kowane biyu ba ne, sai akwai ɗaya da zai iya samun jijiya ga jaririn da zawo ya tsotse, wanda ya san alamun in jini bai karɓi yaro ba, wanda zai iya yanke shawarar a tada lokotoro ƙarfe 3 na dare ba tare da tsoro ba. Cikin goman da ke zagaye bakwai ne muka amince za su iya jan dare, uku sabbi ne. Sabbin aka warwatsa su rukuni uku daban, kowa da babbansa, rukuni biyu suka zama masu ƙarfi duka. In babban da ke tare da sabo ya tafi konje ba a barin gurbin nan gefen sabo, sai a ɗauko ɗaya daga rukuni mai ƙarfi biyu ya zauna da shi watan, gurbin ya koma can inda wanda ya rage gwani ne, to ko wa aka turo masa dare ya tsaya. Sai dai ranar da za a matsar da mutum daga rukuni zuwa rukuni a bi layinsa da yatsa a tabbata bai faɗa safe bayan dare ba, nan ne kuskure ke ɓuya.

Da yake ido na gajiya, an sa filanin cikin Excel a odinatar ofis, mutum 13 a layi na 4 zuwa 16, kwana 30 daga C zuwa AF, da lissafi uku kawai.

```
=NB.SI(C4:AF4;"N")
=NB.SI(C4:C16;"N")
=NB.SI.ENS(C4:AE4;"N";D4:AF4;"M")
```

Na farko gardin mutum nawa a wata, na biyu mutum nawa ke dare ranar, dole ya nuna 2, a yi irinsa ga M da S. Na uku yana kama wanda aka sa safe washegarin dare, dole ya nuna sifili. Wanda ba shi da na'ura takarda mai gida-gida da jan bik sun isa, ƙirgar ce dai ba a tsallakewa.

Musanya ba a hana ba, wanda ya ce zai hana musanya a Maradi da suna da biki da gaisuwar mutuwa to ya shirya a riƙa yi a ɓoye. An dai ɗaure ta. Dare da dare ake musanyawa ba dare da safe ba, a rubuta a kaye kwana biyu kafin ranar da kwanan wata a lamba ba "Laraba" kawai ba, su biyu su sa hannu manjo ta sa, a rubuta ranar da za a maida daren nan take. Ba a wuce dare biyu a jere, ba a taɓa ranar R da ke bayan gardi. In ba a rubuta ba kuma aka samu gurbi, wanda sunansa ke bango shi ke da laifi ko da ya rantse ya gaya ma wani. Filanin kuma yana fita sati biyu kafin wata ya kama, a manna a bango a ɗauki hoto a tura ma kowa ta waya, don yawancin musanyar da can rashin sani da wuri ke kawo ta.

In mutum ya kwanta ciwo ba zato fa, ƙarfe 7 na marece ya kira ya ce ba zai iya zuwa ba? Da can 'yan marece ake roƙo ɗaya ya zarce, awa 18 kenan a tsaye, wanga an soke shi. Yanzu ɗan rukunin da ke R ake kira, don daga saukarsa jiya ƙarfe 8 na safe zuwa yau 8 na dare awa 36 ta cika. In ya zo, safensa na gobe ya faɗi, na ukun safe ya maye gurbinsa manjo ta cire rigar ofis ta shiga ɗaki, in ƙarshen sati ne a kira ɗaya daga masu aikin rana, shi kuma sai marecen jibi. Ɗan marece yana jira ne kawai har ya iso. Ana rubuta masa daren cikin kayen bashi, wata mai zuwa in nauyin toshe gurbi ya zo kan rukuninsa a tsallake shi. Daren salla ƙarama da babba ma cikin kayen nan suke shiga da shafinsu daban, tunda zagaye bai san salla ba, wanda ya kwana asibiti daren salla bana ba shi ba ne baɗi ko da zagaye ya faɗo kansa.

Satumba da Oktoba an rufe konje. Masu dare goma, wata goma da suka rage, kowa ya samu nasa ɗaya-ɗaya, lissafin ya zo daidai. Watannin nan biyu rukuni biyar duk a cike suke, sai masu aikin rana suka samu sarari aka maida ɗaya marece ya zama uku, don lokacin zazzaɓi yawancin yara da la'asar zuwa magariba ake kawo su, iyaye sun gwada maganin gida da na mai tebur tun safe sai da jiki ya yi tsanani. Mai hutun haihuwa da ta dawo an bar ta aikin rana tana shayarwa, ita ce ta ba su biyun can damar ɗaukar nasu konjen.

Bayan wasu watanni an sake ɗauko kayen gardi an ƙirga kamar farko, kowa na tsakanin shida da takwas, kuma ba a sake samun daren mutum ɗaya ba. Amma ba kowa ya ji daɗi ba, kuma abin mamaki har da ɗaya daga cikin sabbin da muke ganin an cuta, ashe jikunan da ake ba shi na riƙe dare suna cikin lissafin cefanensa. Akwai kuma waɗanda ranar R ɗin tasu a kilinik mai zaman kansa suke ƙarar da ita, su dawo safe idanu jajur, wanga filanin ba ya iya magance shi, manjo na gani tana kuma sanin albashin da suke ɗauka. Miƙa aiki har yanzu yana cin minti 30 zuwa awa ɗaya da ba a ƙirga ma kowa, da damina in ruwa ya tare hanya ya fi haka.

Daren lokacin zazzaɓi kuwa mutum biyu ne har yanzu ga yara da sun haura 50 wani lokaci, ya kamata a ce uku ne, amma uku a dare da wanga zagaye mutum 15 yake so masu iya gardi, mu goma gare mu. Ta ƙasa kuma tsarin yana iya jure masu dare takwas in akwai masu rana uku da za su ɗauke safe da marecen da ake cirewa, gurbi biyu kenan dare 12 a wata, kowa na yin bakwai ko takwas. In suka sauka bakwai ba dabarar da za ta hana a ci hutun wani, shi ya sa manjo ta rubuta ma shugaban ma'aikatan jinya na asibitin tun da wuri, da lissafin nan a jiki, cewa ranar da masu dare suka koma bakwai sai an aro mata mutum daga wani sarbis ko a rage gadajen da ake kwantarwa.